Ciwon Ƙoda da Abinci: Me Ya Sa Ake Rage wa Wani Nama, a Ce Wani Ya Ƙara?

Idan likita ya tabbatar maka kana da ciwon ƙoda mai daɗewa, tambayar farko da kai da iyalinka za ku yi ita ce: to yanzu me za a ci? Kafin amsar asibiti ta iso, amsoshin gari sun riga sun yi maka yawa. Wani zai ce ka bar nama har abada. Wani zai ce ayaba guba ce ga mai ciwon ƙoda. A layin ganin likita kuma za ka haɗu da wanda ake yi wa wankin ƙoda, ya ce maka shi ƙwai da kifi aka ce ya riƙa ci kullum.

Mai yiwuwa babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Kowa ya faɗi abin da aka ce masa ne a matakin da ciwonsa yake. Matsalar tana zuwa ne idan ka ɗauki dokar da aka gindaya wa wani ka ɗora wa kanka. Babu jerin abinci guda ɗaya da aka haramta wa duk masu ciwon ƙoda. Abu biyu ne ke yanke hukunci: matakin da ciwonka ya kai, da abin da gwajin jininka ya nuna. A nan za mu duba sinadarai uku da aka fi yin magana a kansu, wato furotin da fotasiyam da fosfaras, mu auna su da abincin da ake saye kullum a kewayen Bata, daga 'Yankura zuwa Singa da kasuwar Sabon Gari.

Fara da sanin matakinka

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da dattin da jiki ya tara da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Ana kimanta ƙarfin wannan tacewa daga gwajin jini, kuma a takardar sakamako za ka ga an rubuta eGFR da lamba a gabansa. Ƙodar matashi mai lafiya takan ba da lamba kusan 100, don haka kana iya ɗaukar lambar a matsayin kimanin kason aikin da ya rage cikin ɗari.

Da wannan lamba ake raba ciwon zuwa mataki biyar. Mataki na 1 shi ne 90 zuwa sama, na 2 kuma 60 zuwa 89. A waɗannan biyun ba a kiran abin ciwon ƙoda sai an ga wata alamar lahani, kamar furotin a fitsari. Mataki na 3 ya kama daga 30 zuwa 59, na 4 daga 15 zuwa 29, na 5 kuma ƙasa da 15. Gwaji ɗaya ba ya isa, sai matsalar ta wuce wata uku kafin a ce ciwon mai daɗewa ne.

A matakan farko ƙodar tana da rarar ƙarfi. Sassan da suka rage da lafiya suna ɗaukar nauyin waɗanda suka lalace, shi ya sa fotasiyam da fosfaras kan zauna daidai a jini na tsawon shekaru. Sai lambar ta sauko ƙasa da 30 ne aka fi ganin sun fara taruwa. Saboda haka mai mataki na 2 da mai mataki na 5 ciwo ɗaya suke da shi a suna, amma kwanon abincinsu ba ɗaya ba ne.

Furotin: dokar da ke juyawa

Furotin shi ne sinadarin da ke gina tsoka, yana warkar da rauni, yana kuma taimaka wa garkuwar jiki. Yana da yawa a nama, kifi, ƙwai, nono, wake, waken suya da gyaɗa, akwai shi kuma daidai gwargwado a hatsi. Idan jiki ya gama amfani da shi, yakan bar datti mai suna yuriya, wanda ƙoda ce kaɗai ke iya fitar da shi yadda ya kamata. Cin furotin da yawa yana ƙara matsi a kan ƙananan matatun ƙodar da suka rage, idan kuma dattin ya taru sai a fara jin tashin zuciya, ɗacin baki, kasala da rashin sha'awar abinci.

Ana lissafin furotin ne da nauyin jiki. Ƙungiyar KDIGO, wadda likitocin ƙoda a duniya ke bin ƙa'idojinta, ta ba da shawara a 2024 cewa babban mutum da ke mataki na 3 zuwa na 5, wanda bai fara wankin ƙoda ba, ya tsaya a kan kimanin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, ya kuma guji wuce giram 1.3. Akwai waɗanda likita kan sauko da su zuwa kusan 0.6, amma wannan sai da sa idon masanin abinci na asibiti. Ba abin da mutum zai yanke wa kansa a gida ba ne.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa mai shago a kusa da Bata, nauyinsa kilo 60, yana mataki na 3. Lissafinsa 60 sau 0.8, wato giram 48 a rana. Ka lura, giram 48 na furotin ake nufi, ba giram 48 na nama ba. Yankan dafaffen nama mai girman kwalin ashana yana ɗauke da furotin kusan giram 7 zuwa 8. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofi ɗaya na dafaffen wake, wato kusan gwangwanin madara ɗaya da rabi, ya kai giram 13.

Ga yadda yininsa zai iya kasancewa. Da safe koko da ƙosai huɗu matsakaita, kimanin giram 11. Da rana shinkafa kofi biyu da yankan nama biyu, kimanin giram 23. Da dare malmalar tuwo matsakaiciya da miyar kuɓewa da ɗan yankan kifi, kimanin giram 14. Jimla 48. Waɗannan lambobi kimantawa ce, amma sun isa su nuna maka cewa ba a raba shi da nama ba. An dai tsayar masa da iyaka.

Inda lissafin ke ɓaci shi ne ƙarin da ba a ƙirgawa. Idan bayan an tashi kasuwa ya tsaya wajen mai nama ya ci balangu giram 150, ya ƙara furotin kusan giram 40 a zama ɗaya. Idan ya bi da fura da nono, ya ninka abin da aka tsara masa. Kilishi ya fi haka, domin busasshe ne, kusan rabin nauyinsa furotin ne, ga gishiri ga tunkuza.

Ranar da wannan mutum ya fara wankin ƙoda, dokar sai ta juya. Na'urar wanki ba datti kaɗai take janyewa ba, tana tafiya da wani ɓangare na tubalan furotin a kowane zama, wankin kansa kuma yana sa tsoka ta riƙa zaizayewa. Shi ya sa ake ɗaga masa zuwa giram 1.0 zuwa 1.2 ga kowane kilo, wato giram 60 zuwa 72 a rana. Wanda ya shekara biyar ana ce masa ya rage, yau ana ce masa ya ƙara. Iyalai da yawa ba sa samun labarin wannan sauyi, sai su ci gaba da ba majiyyaci farar shinkafa da salak da miya babu nama, suna ganin kulawa ce, shi kuwa yana ta ramewa.

Rama a ciwon ƙoda haɗari ce babba, tana sa cututtuka su riƙa kama mutum cikin sauƙi, tana kuma rage masa juriyar wanki. Kumburi yana iya ɓoye ta, domin ma'auni zai nuna nauyi bai ragu ba alhali ruwa ne ya maye gurbin tsoka. Don haka ku duba damtse da cinya da kafaɗa da gefen goshi. Idan suna lotsawa, ko tashi daga tabarma ya fara gagararsa, ku sanar da likita. Saboda wannan haɗari ba a taƙaita furotin ga yara masu girma, da masu juna biyu, da tsofaffi masu rauni, da wanda yake kwance da zazzafar rashin lafiya, sai da umarnin likita na musamman. Kuma duk wanda aka rage wa furotin dole ya ci abinci mai ba da kuzari ya ƙoshi, in ba haka ba jiki zai koma cin tsokarsa.

Fotasiyam: sai gwaji ya nuna

Fotasiyam sinadari ne da tsoka da jijiyoyi ke aiki da shi, musamman zuciya. A takardar gwaji ana rubuta shi da harafin K, kuma daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0. Idan ya haura 5.5 likita zai ɗauki mataki. Daga 6.0 zuwa sama abin na bukatar kulawa a ranar, a 6.5 kuwa lamari ne na gaggawa, domin bugun zuciya na iya rikicewa har ta tsaya. Abin tsoron shi ne sau da yawa babu alama. Wasu kan ji nauyin ƙafafu, ko sanyin jiki, ko faɗuwar gaba, wasu kuma ba sa jin komai.

Wannan tsoro ne ke sa a hana majiyyaci duk wani ɗan itace da ganye tun ranar da aka gano ciwon. Ga mai mataki na 1 zuwa na 3 wanda gwajinsa ke daidai, wannan hani ba shi da amfani, yana ma iya cutarwa. Ganye da 'ya'yan itatuwa suna taimakawa wajen sauko da hawan jini, suna rage tsamin jini, suna hana taurin bayan gida. Akwai ma masu shan maganin fitsari irin furosemide da fotasiyam ɗinsu ke yin ƙasa, ba sama ba. Ba a taƙaita fotasiyam don kawai sunan ciwon, sai gwaji ya nuna yana hawa.

Ko da ya hau, abinci ba shi ne abin zargi na farko ba. Likita zai fara duba magunguna. Magungunan hawan jini da ake rubutawa lisinopril da losartan a jikin kwali, da kuma spironolactone, duk suna riƙe fotasiyam a jiki. Amma na farkon biyu suna kare ƙoda, don haka kada ka daina su da kanka. Sau da yawa gyara sauran abubuwan ake yi domin a samu a ci gaba da su. Waɗanda ya kamata ka guje wa su ne magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, da haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna. Masu yini a tsaye a kasuwa suna yawan shan su, kuma suna ɗaga fotasiyam, suna ƙara lalata ƙoda. Taurin bayan gida ma yana ɗaga shi, domin idan ƙoda ta gaza hanji ne ke taimakawa wajen fitarwa. Haka nan hawan suga, da tsamin jini, da tsallake ranar wanki. Wani lokaci ma kuskuren samfuri ne: idan an sha wahalar ɗibar jinin ko ya daɗe kafin a auna, lambar kan fito sama, sai a sake.

Idan an tabbatar sai ka rage, yawanci ana nufin miligiram 2,000 zuwa 3,000 a rana. A cikin kayan da za ka tarar a 'Yankura, masu yawan fotasiyam sun haɗa da doya, dankalin turawa, dankalin Hausa, gwaza, agada, ayaba, fiya, alayyafo, zogale, wake, gyaɗa da dabino, sai kuma tumatirin gwangwani ko na leda, wanda tumatir ne mai yawa aka tattara wuri ɗaya. Masu sauƙi sun haɗa da kabeji, gurji, albasa, latas, abarba, tuffa, farar shinkafa da taliya. Kankana ba ta da yawa a yanka ɗaya, amma da wuya a tsaya a yanka ɗaya lokacin zafi.

Yawan da aka ci a zama ɗaya shi ne ya fi muhimmanci. Ka duba shan ruwa a watan azumi. Dabino bakwai sun kai miligiram 350. Kofin matsattsen lemon zaƙi kusan 450. Ayaba ɗaya kusan 400. Farantin soyayyen dankali kusan 750. Cikin rabin awa an doshi 2,000, tun ba a kawo kunun aya ba, wanda shi ma aya da dabino da kwakwa ne. Ko majiyyacin ba ya azumi, yakan zauna a ci tare da shi. Dabino ɗaya ko biyu ba su ne matsalar ba, tarawar ce.

Mai girki tana da dabara a hannunta, domin fotasiyam yana narkewa a ruwa. A fere doya ko dankali, a yanka ƙanana, a zuba ruwa mai yawa a tafasa, a zubar da ruwan, in so samu ne a sake sabon ruwa a ƙarasa dahuwa. Wannan na iya rage kusan rabi. Jiƙawa kawai a ruwan sanyi ba ta rage abin kirki, suya da gashi da turarawa kuwa ba sa rage komai. Ganyen miya ma a tafasa shi a tsiyaye kafin a zuba, kada a mayar da ruwan cikin tukunya.

A kula da abu biyu a kicin. Na farko shi ne gishirin da ake tallata wa masu hawan jini. Yawancinsa an maye wani ɓangare ne da fotasiyam, idan ka duba jikin robar za ka ga an rubuta potassium chloride ko KCl. Yana iya dacewa da mai lafiyayyar ƙoda, amma haɗari ne ga mai mataki na 4 ko na 5. Na biyu shi ne ruwan toka da wasu ke sawa a miya, wanda fotasiyam ne mai yawa. Kanwa kuma, duk da sunan da ake kiranta da shi a Turanci, mafi yawanta dangin gishiri ne. Illarta ita ce hawan jini da kumburi, don haka ita ma a rage ta.

Fosfaras: daga ina ya fito?

Fosfaras tare da kalsiyam su ne ke gina ƙashi. A takardar gwaji za ka ga PO4, kuma daidai shi ne kimanin 0.8 zuwa 1.5, ko 2.5 zuwa 4.5 idan ɗakin gwajin yana amfani da ma'aunin mg/dL. Ba ya kisa farat ɗaya kamar fotasiyam, sannu a hankali yake ɓarna. Idan ya fara taruwa, wasu ƙananan halittu huɗu da ke wuya sukan ƙara fitar da sinadarin da ke janyo kalsiyam daga ƙashi. Ƙashi sai ya yi rauni, kalsiyam ɗin da fosfaras kuma su je su daskare a bangon hanyoyin jini su taurara su. Ƙaiƙayin jiki da ciwon ƙashi kan zo daga baya, bayan an daɗe ana ɓarnar. Shi ya sa ake so a auna shi duk wata 6 zuwa 12 a mataki na 3, duk wata 3 zuwa 6 a mataki na 4, duk wata 1 zuwa 3 a mataki na 5.

Idan ya yi sama, an saba tsayar da iyaka a miligiram 800 zuwa 1,000 a rana. Sai dai fosfaras yana tafiya ne tare da furotin, don haka mai wankin ƙoda yana tsaka mai wuya: an ce ya ƙara furotin, an kuma ce ya rage fosfaras. Mafita tana cikin sanin cewa ba duka hanji ke tsotsa daidai ba. Na tsirrai, irin wake da gyaɗa da gero, ƙasa da rabi ne ke shiga jini, domin yana ɗaure da wani sinadari da hanjin mutum ba ya iya warwarewa sosai. Na nama da kifi da nono, kusan rabi zuwa sama ne ke shiga. Wanda kamfanoni ke zubawa a kayan gwangwani da na leda kuwa kusan dukkansa ke shiga.

Saboda haka wurin fara ragewa ba buhun wake ba ne, katan-katan ɗin Singa ne. Baƙin lemon kwalba yana ɗauke da shi. Haka yawancin taliyar leda mai saurin dahuwa, da naman gwangwani, da hodar da ake sa wa kek da fanke su tashi, da madarar gwangwani da garin da ake zuba wa shayi a madadin madara. Ka koyi duba jerin kayan haɗi a bayan leda. Duk kalmar da ke ɗauke da haruffan PHOS, ko lambobin E338 zuwa E341, ko E450 zuwa E452, fosfaras ne aka ƙara. Wanda ke karyawa kullum da taliyar leda da shayi mai kaurin madara wajen mai shayi, ya sha baƙin lemo da rana, zai iya sauko da lambarsa ba tare da ya taɓa namansa ba.

A cikin abincin gida, masu yawan fosfaras su ne hanta da sauran kayan ciki, ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, nono da kindirmo da cuku, da gwaiduwar ƙwai. Farin ƙwai kuwa furotin ne mai kyau da kusan babu fosfaras, shi ya sa ake yawan ba masu wanki shawararsa. Tafasa nama a yanka ƙanana a zubar da romon shi ma yana ragewa.

Wanki kaɗai ba ya iya kwashe fosfaras duka. Wanda ke cin miligiram 1,000 a rana ya ci 7,000 a mako. Idan kashi 60 cikin ɗari ya shiga jini, 4,200 ke nan. Zama ɗaya na awa huɗu yana fitar da kimanin 800 zuwa 1,000, zama uku a mako bai wuce 3,000 ba. Ragowar ce ake ba da magani dominta, irin calcium carbonate ko sevelamer, wanda ke kama fosfaras a hanji ya fita da shi ta bayan gida. Wannan magani tare da loma ake shan sa, a tsakiyar cin abinci. Wanda ya haɗiye shi da asuba cikinsa babu komai, ko awa biyu bayan ya ci, bai kama komai ba. Idan lambarka ta ƙi sauka alhali kana shan maganin, fara duba lokacin da kake shan sa.

Mutum ɗaya, kwano uku

Mu koma ga ɗan kasuwarmu mai kilo 60. A karon farko eGFR ɗinsa 52 ne, K yana 4.3, PO4 yana 1.1. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya rage gishiri zuwa ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya a rana, har da na dunƙulen ɗanɗano, ya daidaita nama, ya bar magungunan ciwon jiki, ya riƙe maganin hawan jininsa. Ayaba da zogale da wake duk halak ɗinsa ne.

Bayan wasu shekaru eGFR ya sauko 22, K ya kai 5.7, PO4 ya kai 1.7. Furotin yana nan a giram 48, ko ƙasa kaɗan idan likita ya ga dama. Yanzu ne za a duba magungunansa da bayan gidansa da tsamin jininsa, a fara tafasa doya ana zubar da ruwa, a rage tumatirin gwangwani, a bar baƙin lemo da taliyar leda, a maimaita gwajin cikin ɗan lokaci don a ga ko gyaran ya yi aiki.

A karo na uku ya fara wanki. Furotin ya hau zuwa giram 60 zuwa 72, da farin ƙwai da kifi da kaza. Fotasiyam da fosfaras kuwa an ƙara matse su, ruwan sha ma an auna masa gwargwadon fitsarin da yake yi. An gina waɗannan lambobi ne a kan wanki sau uku a mako. Idan tsada ta sa sau ɗaya ko biyu kake samu, kamar yadda yake ga majiyyata da yawa a ƙasar nan, ka faɗa wa likita gaskiya, domin tazarar da ke tsakanin zama da zama ita ce lokacin da fotasiyam ke taruwa, kuma dole a tsara maka abinci daidai da wankin da kake samu.

Ko wanda aka yi wa dashe, aikin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, dokarsa takan sake sauyawa. Fosfaras ɗinsa na iya yin ƙasa a watannin farko har a ce ya ƙara nono, wasu magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙodar kuma suna ɗaga fotasiyam.

Abin da za ka tafi da shi asibiti

A zuwanka na gaba, ka nemi likita ya rubuta maka abu huɗu a takarda: matakin da kake, lambar K, lambar PO4, da giram nawa na furotin ya dace da kai a rana bisa nauyinka na ainihi, ba nauyin kumburi ba. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya da na kyamis. Ka rubuta abin da ka ci na kwana uku ba tare da ɓoye ƙarin waje ba, ka nemi a haɗa ka da masanin abinci na asibitin. Wadda ke girki a gida ta je tare da kai, domin a hannunta gyaran yake. Duk lokacin da mataki ya sauya, ko aka sauya magani, ko aka fara wanki, ka sake tambaya, kada ka ci gaba da tsohuwar takarda.

Kada a jira ranar ganin likita idan majiyyaci ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi farat ɗaya, ko bugun zuciyarsa ya rikice ko ya yi sanyi sosai, ko numfashi ya yi masa wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko hankalinsa ya fara gushewa. A kai shi sashen gaggawa nan take, musamman idan ya tsallake wanki, a kuma gaya wa ma'aikatan tun daga ƙofa cewa mai ciwon ƙoda ne, domin a auna fotasiyam a duba bugun zuciya ba tare da jinkiri ba.